Tambayoyi da amsoshi kan reshiyo: ƙarfin biyan bashi, juyawar kaya da riba

Waɗannan tambayoyi ne da ƴan kasuwa da ɗalibai suke yawan yi mini anan Bauchi, musamman masu shagon sari da banki ya nemi su kawo lissafinsu. Zan ɗauki shago guda ɗaya in yi ta aiki da shi har ƙarshe don kada lambobi su ruɗa mu. Shagon misali ne, ni na tsara lambobin, amma duk wanda ya san harkar sarin kayan masarufi a Muda Lawal ko Wunti zai ga kamanninsa.

Ga shagon Alhajinmu. A shekara ya yi cinikin naira miliyan 120, kayan da ya sayar kuma ya saro su ne a kan miliyan 108. Haya, albashin yara, man janareta, dako da sauran kashe-kashe sun ci miliyan 7.2. Ranar da aka rufe littafi yana da miliyan 2 a hannu da banki, yana bin mutane miliyan 10, akwai kayan miliyan 18 a shago da sito. Shi kuma dilolinsa suna binsa miliyan 12, ga wani rance na miliyan 3 da zai biya cikin shekara. Motar kai kaya da janareta da kantoci sun kai miliyan 10.

Malam, wai menene ma reshiyon nan, kuma me yasa ba zan duba ribata kawai in huta ba?

Reshiyo raba lamba ɗaya ne da wata don ka ga girman ɗaya a kan ɗaya, shikenan. Ribar miliyan 5 ita kaɗai bata gaya maka komai ba sai ka san da jarin nawa aka samo ta, domin wanda ya samu miliyan 5 da jarin miliyan 20 da wanda ya same ta da jarin miliyan 200 ba kasuwa ɗaya suke yi ba.

Kashi uku ne muke magana a kai kuma kowanne tambayarsa daban. Na farko yana tambaya, in dila ya kira yau za ka iya biya? Na biyu yana tambaya, kwana nawa kuɗinka ke yi a cikin kaya da hannun mutane kafin ya dawo? Na uku, a cikin kowace naira ɗari nawa ne ya zama naka? Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne shago yana iya cin riba a littafi kuma a kulle shi saboda ba kuɗin biyan dila, na ga hakan da idona kuma abin yana min ciwo don yawanci mutanen kirki ne masu ƙoƙari.

To ya ake lissafa ƙarfin biyan bashin?

Ka haɗa duk abin da zai zama kuɗi cikin shekara ɗaya, wato tsabar kuɗi, bashin da kake bi da kayan sayarwa. Wanda ya saba fidda zakkar kasuwanci ya riga ya san wannan lissafin, ai su ne abubuwan da yake ƙirgawa in shekara ta zagayo. A takardar kamfani za ka ga an rubuta masa `Current assets`. Sai ka haɗa basussukan da za a biya cikin shekara, su kuma `Current liabilities`. Ka raba na farko da na biyu, shi ne karent reshiyo.

```
(2 + 10 + 18) / (12 + 3) = 30 / 15 = 2.0
```

Kenan kowace naira ɗaya da ake bin Alhaji yana da naira biyu a gabanta. Kada ka sa mota da janareta a ciki, ba kayan sayarwa ba ne, ranar da ka fara sayar da motar kai kaya don biyan dila ai kasuwar ta riga ta tafi.

An koya mana a makaranta cewa 2 shi ne daidai. Kenan Alhaji ba shi da matsala?

Anan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. Biyun nan tsohuwar ƙa'ida ce ta masu ba da rance, ba doka ba ce, kuma bata duba me ke cikin miliyan 30 ɗin. Duba da kyau, miliyan 18 daga ciki katan-katan ne na taliya da madara da sabulu a jibge a sito. Dila ba zai karɓi taliyarsa a matsayin biya ba, alat yake so ya gani. Shi yasa ake yin na biyu, kwik reshiyo, inda ake cire kaya gaba ɗaya:

```
(2 + 10) / 15 = 0.8
```

Ka ga labari ya canza. In ba a sayar da kaya ba, kobo 80 kawai yake da shi a kan kowace naira, kuma ko wannan ɗin sai in duk masu bashi sun biya. In ka bar tsabar kuɗi kaɗai, miliyan 2 a kan 15, wajen 0.13 ne.

Yanzu ɗauko littafin bashin Alhaji mu buɗe, wannan littafin mai baƙin bango da gefensa ya yi laushi saboda yawan buɗawa. Ka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya ka rubuta ranar da kowa ya ɗauki kaya. A ce mun samu miliyan 4 daga cikin goman nan sun wuce wata shida, akwai mai shagon unguwa da ya rufe ya koma garinsu, akwai ɗan'uwan matar Alhaji wanda kunya ba za ta bari a tambaye shi ba, akwai wanda ya yi safilai yana jiran a biya shi. Waɗannan a littafi kuɗi ne, amma a ranar Litinin da dila zai kira ba kuɗi ba ne. In ka cire su sai ya zama 8 a kan 15, wato 0.53. Shagon da ya fara da 2.0 mai kyan gani ga inda ya tsaya. Don haka abin dubawa a wannan reshiyon ba lambar kaɗai ba ce, ka tambaya me ya cika ta, kuɗi ne ko kwantai ne ko mataccen bashi.

In ya yi sama sosai fa, kamar 5 ko 6, ai alheri ne ko?

Ba lallai ba. Sau da yawa alama ce ta kaya sun yi kwantai ko kuɗi na kwance ba ya aiki. Mai gidan abinci ko mai sayar da burodi yana iya zama ƙasa da 1 lafiya lau saboda kullum kuɗi na shigowa hannu da hannu, mai sayar da kayan gini kuwa yana buƙatar sama da haka.

Yallaɓai, ana iya yi wa lambar nan kwalliya kafin a kai banki?

Ana yi. A ce ana saura kwana uku a rufe shekara Alhaji ya matsa wa mutane ya karɓo miliyan 5 ya miƙa wa dila. Yanzu sama ya zama 25, ƙasa ya zama 10, reshiyo ya tashi daga 2.0 zuwa 2.5. Amma in ka debe, 30 ban da 15 da 25 ban da 10 duk miliyan 15 ne, kuma sati mai zuwa zai sake ɗaukar kaya bashi ya koma inda yake. Lambar hoton rana ɗaya ce tak. Shi yasa in kana duba lissafin wani, ko za ka zuba jari ne ko za ka ba shi kaya bashi, ka nemi na wata uku-uku ko ka haɗa da sitetimen ɗin banki na wata shida, nan ne za ka ga ko asusun yana yawan komawa sifiri a tsakiyar wata.

Mu zo kan juyawar kaya. Ya zan san kayana suna tafiya yadda ya kamata?

Wannan ɓangaren ni a wurina ya fi sauran biyun amfani ga ɗan kasuwa, don shi ne wanda kake iya gyarawa da hannunka. Na fi son a lissafa shi da kwanaki, kowa yana gane kwana. Ka raba kayan da ke sito da kuɗin sarin kayan da aka sayar a shekara, sai ka ninka da 365.

```
18 / 108 * 365 = 61
```

Wato katan ɗin da ya shigo sito yau, a matsakaici sai ya yi wata biyu kafin ya fita, ko ka ce sito yana juyawa sau 6 a shekara. A kula, da kuɗin sari ake rabawa ba da kuɗin ciniki ba, saboda kayan sito ma da farashin sari aka rubuta su, in ka haɗa da ciniki ka haɗa ma'auni biyu daban.

Sai kwanakin bashi, bashin da ake bi a raba da ciniki a ninka da 365, wato 10 a kan 120, ya ba da kwana 30. To amma ga wani abu da ake yawan mantawa, ba duk cinikin Alhaji ne bashi ba. In rabi hannu da hannu ne, to miliyan 60 ne kawai aka bayar bashi, kuma 10 a kan 60 kwana 61 ne. Shi kuwa abin da yake gaya wa kwastoma kullum shi ne "ka kawo nan da sati biyu". Tazarar da ke tsakanin kwana 14 da ya faɗa da kwana 61 da ake yi, ita ce ainihin abin da reshiyon ke nuna maka.

Na uku, kwanakin da shi yake ɗauka kafin ya biya dila, 12 a kan 108 sau 365, wajen kwana 41.

Na samu lambobi uku, to sai me?

Sai ka haɗa su, anan ne abin yake fitowa fili. Kaya sun yi kwana 61 a sito, bayan an sayar kuɗi ya ƙara kwana 30 a hannun mutane in an haɗa da cinikin hannu da hannu, jimla 91. Dila kuma ya jira kwana 41 kawai. Ragowar kwana 50 ɗin nan waye yake ɗaukar nauyinsu? Aljihun Alhaji, ko rance. Wannan shi ne dalilin da ya sa yake cewa "kasuwa na tafiya amma ban ga kuɗi ba", kuma gaskiya yake faɗa, ba wanda ya sace, kuɗin suna cikin katan da littafin bashi.

Yanzu duba abin da gyara kaɗan zai yi. A kullum shagon yana fitar da kayan kusan naira 296,000 a farashin sari, wato miliyan 108 a raba 365. In ya rage kwanakin sito daga 61 zuwa 45, kwana 16 kenan, kuɗin da zai dawo hannunsa ya kai wajen miliyan 4.7. Ba tare da ya ƙara kwastoma ko ɗaya ba, ba tare da ya je banki ba, kuma kusan daidai yake da ribarsa ta shekara guda. Yadda ake yi kuwa ba wani sirri ba ne, a shiga sito a ware kayan da suka wuce wata uku ba su motsa ba, a karya farashinsu su tafi ko da ribar ta yi ƙasa, a daina saro katan ɗari na abu don kawai dila ya ce zai rage naira ɗari biyu a katan alhali ashirin ake sayarwa a wata. Kayan da ke can ƙurya ƙura ta rufe, kwanan watan lalacewarsu na matsowa, kullum suna cin hayar sito.

Abu ɗaya kuma, in ciniki ya ƙaru da kwanakin nan yadda suke, matsin kuɗi ƙaruwa zai yi ba raguwa ba, don kowane ƙarin ciniki yana buƙatar ƙarin kaya da ƙarin bashi na kwana 50. Da yawa masu buɗe shago na biyu anan suke shaƙewa.

Kenan gara in riƙa jan dila ina ƙin biya da wuri?

A lissafi yana rage kwanakin, eh. Amma kai ma ka san kasuwa, dilan da ka ja shi sau biyu zai fara ce maka sai kuɗi hannu, ko ya ba wani kaya kafin kai lokacin azumi da kowa ke neman sukari da madara. In ka ga kwanakin biyan dila na wani shago suna hawa daga 41 zuwa 60 zuwa 80 kuma ba wata sabuwar yarjejeniya, ka ɗauka ba ya iya biya ne.

Ni hatsi nake saya da kaka in ajiye, lissafin nan zai yi mini daidai?

Hajiya, a nan sai an yi hattara. In kika rufe littafi a Disamba sito cike da masara da wake, kwanakin kaya za su fito kamar ba kya ciniki, in kika rufe a Agusta kuma sito wayam sai su fito kamar kin fi kowa. Ki ɗauki ƙimar kayan ƙarshen kowane wata ki haɗa ki raba 12, da wannan za ki yi aiki. Kuma ajiya ita ce sana'arki, don haka kada ki gwada kanki da mai shagon taliya, ki gwada bana da bara, ki kuma tabbatar tashin farashin ya biya kuɗin sito, maganin ƙwari da buhunan da suka rage nauyi.

Mu zo kan riba. Na saro 9,000 na sayar 10,000, kashi nawa na ci?

Ya danganta da me ka raba. A kan kuɗin sari kashi 11.1 ne, a kan kuɗin sayarwa kashi 10 ne. Mu a kasuwa da na farko muka saba, amma takardun lissafi da banki da na biyu suke aiki, don haka ka san wanne ake nufi kafin ka amsa. Na Alhaji, 120 ban da 108 ya bar miliyan 12, kashi 10 na ciniki, wannan ita ce ribar farko kafin kashe-kashe. Bayan an cire miliyan 7.2 sai ya rage miliyan 4.8 kafin haraji, kashi 4 kenan, naira 4 a cikin kowace ɗari.

Kowacce da abin da take nunawa. In ta farko ce ta sauka, ka duba farashi, sari ya tashi baka ɗaga naka ba, ko kaya na lalacewa, ko kuma wani abu na fita daga sito ba a rubuta ba. In ta farko na nan daram ta biyu ce ta sauka, to matsalar na wajen kashe-kashe, kamar yadda kowa ya gani bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da kuɗin dako da na janareta suka haura. Kuma ka lura da siririn kashi 4 ɗin nan, in miliyan 4 na tsohon bashin nan suka mutu, ribar shekara ta koma naira 800,000. Don cike gurbin miliyan 4 da ribar farko ta kashi 10, sai ya yi ƙarin cinikin miliyan 40 ba tare da kashe-kashe sun ƙaru ba.

Kashi 4 ai ya yi kaɗan, ba gara ya canza sana'a ba?

Kar ka yi saurin yanke hukunci, ƙaramar riba mai yawan juyawa tana iya fin babba mai kwanciya. Duk dukiyar shagon miliyan 40 ce, 30 da 10, kuma ta samar da cinikin 120, wato ta juya sau 3. Kashi 4 sau 3 ya ba da kashi 12 a kan dukiyar. In ka cire bashin 15, jarin Alhaji na kansa miliyan 25 ne, 4.8 a kan 25 kuma kashi 19.2 ne. Wannan na ƙarshen shi kamfanoni ke rubutawa `ROE`. Mai sayar da kujeru yana iya cin kashi 12 a kan ciniki amma dukiyarsa sau ɗaya ta juya, ƙarshenta duk wuri ɗaya suka sauka.

Abin lura da wannan lambar shi ne bashi yana kumbura ta. Daga 12 zuwa 19.2 ɗin nan ba ƙwazo ne ya kawo ba, kuɗin mutane ne da ke aiki a shagon. Duk inda ka ga ta yi tsalle, ka duba ko bashi ne ya ƙaru ko jari ne ya ragu.

To 19.2 ɗin yana da kyau ko babu?

Sai an yi tambaya biyu. Na ɗaya, Alhaji ya cire wa kansa albashi? Yawanci ba a cirewa, daga asuba har magariba yana shago amma littafi ya ɗauke shi kyauta. In ka ba shi naira 200,000 a wata, miliyan 2.4 a shekara, ribar ta koma 2.4 kuma lambar ta sauko kashi 9.6. Kuɗin cefane da kuɗin makarantar yara da ake zara daga durowa kuma, in ba a rubuta su ba duk lissafin ya gurɓace.

Na biyu, tsadar kaya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. A irin wannan shekarar wanda jarinsa ya ƙaru da kashi 19 nairorinsa sun ƙaru amma katan ɗin da zai iya saya sun ragu. Kuma wani ɓangare na ribar ma ba riba ba ce, ka saro 9,000 ka sayar 10,000, ka koma wajen dila ka tarar ya zama 10,500, littafi ya ce ka ci dubu ɗaya amma baka iya mayar da katan ɗin gurbinsa ba. Shi yasa nake roƙon mutane su riƙa ƙirga jarinsu da katan ko buhu tare da naira, bara jarina buhu nawa ne, bana nawa.

Ina so in sayi hannun jarin kamfani, haka zan duba nasu?

Haka ne, kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya suna fitar da rahotonsu kuma shafukan lissafin suna zuwa da lambobin bana da na bara gefe da gefe. Ka nemi `Revenue`, `Cost of sales`, `Inventories`, `Trade receivables` da `Trade payables`, wato ciniki, kuɗin sarin kayan da aka sayar, kayan sito, bashin da suke bi da bashin da diloli ke binsu, ka yi lissafin da muka yi na aƙalla shekara uku. Ka gwada kamfanin siminti da na siminti, na abinci da na abinci. In ciniki ya ƙaru da kashi 10 amma bashin da suke bi ya ƙaru da kashi 40, ka tsaya ka karanta bayanan da ke bayan rahoton. Ka kuma duba layin `Net cash from operating activities`, wato tsabar kuɗin da kasuwancin ya samar bayan kashe-kashe, in shekara bayan shekara yana ƙasa sosai da ribar da suka bayyana, irin matsalar Alhajinmu ce a babban gida.

Banki kam daban ne, ba su da kayan sito, kuma ajiyar mutane ita ce bashin da ke kansu, don haka karent reshiyo ba ya aiki a kansu, suna da nasu ma'aunan da Babban Banki ke sa ido a kai.

Ba ni da akanta ba ni da kwamfuta, daga ina zan fara?

Ranar ƙarshen wata bayan ka rufe shago, ka zauna da yaron da ke riƙe sito ka rubuta abu shida a shafi ɗaya, kuɗin hannu da banki har da na POS, bashin da kake bi, ƙimar kaya a farashin sari, bashin da ake binka, cinikin watan, da kashe-kashen watan. Kuɗin sarin abin da aka sayar kuma haka ake samo shi, kayan farkon wata a haɗa da abin da aka saro a cire kayan ƙarshen wata. Tunda na wata ɗaya ne, da 30 za ka ninka ba 365 ba. Kalkuletar waya ta isa. A gefen kowane mai bashi ka sa ranar da ya ɗauka, wanda ya wuce kwana 90 ka ja masa layi da jan biro, kuma kada ka sa shi cikin lissafin kwik reshiyo har sai ya kawo wani abu.